Tauraron Labarin da Ba a Iya Kiransa Nagari ko Mugu: Tambayoyi da Amsoshi don Mai Taimaka wa Matashi Karatu

Na daɗe ina koyar da adabi, kuma waɗannan su ne tambayoyin da iyaye da yayye suka fi yi mini idan an ba yaro littafi a makaranta ya dawo gida yana cewa, "Wannan mutumin, na rasa gane ko na kirki ne ko na banza." Zan riƙe misali ɗaya har ƙarshe, wato Okonkwo na littafin Things Fall Apart wanda Chinua Achebe ya fitar a 1958, saboda ɗalibai da yawa a ƙasashe daban-daban suna karanta shi a sakandare. Wanda bai karanta ba ya sani tun yanzu, zan faɗi yadda labarin ya ƙare.

Wane irin tauraro ake nufi? Ba dai mugun labari ba ne aka yi wa sabon suna?

A'a. Mugun labari shi ne wanda ke tare wa babban tauraro hanya, kuma daga waje muke kallonsa. Wanda muke magana a kansa, wanda a darasin Turanci ake kira antihiro, shi ne babban tauraron da kansa. Da shi muke shiga labarin, da shi muke fita, muna jin abin da ke ransa, amma bai cika halayen da muke sa ran gani ga jarumi ba. Wani matsoraci ne, wani maƙaryaci, wani mai son kansa, wani kuma mai taurin zuciya. A nan zan riƙa kiransa tauraro mai tabo.

Idan kana son yaro ya kama abin cikin minti ɗaya, tuna masa da Gizo. Ga kwaɗayi, ga ƙarya, ga lalaci, amma idan ya shiga hannun Zaki ko Kura, wa muke so ya tsira? Gizo mana. Yaron da ya taɓa jin tatsuniya ya riga ya san yadda ake goyon bayan wanda ba a yarda da halinsa ba. Abin da ya rage kawai a nuna masa cewa littafin makaranta ma haka yake aiki, sai dai a can ba dariya ake yi ba, jini ake zubarwa.

Ba sai kawai in ce masa kowane mutum yana da kirki yana da mugunta ba?

Wannan ita ce amsar da aka fi bayarwa, kuma ita ce na fi ƙi. Gaskiya ce, ɗan Adam tara yake bai cika goma ba, amma maganar ta dace da kowane tauraro a kowane littafi, don haka ba ta bayyana komai game da wannan da ke gabanmu ba. Yaron da aka koya wa ita yakan raba takarda biyu, ya jera kyawawan halaye a dama, munana a hagu, ya ƙidaya, ya ce an yi kunnen doki.

Abin da ya kamata ya gani ya fi haka zurfi. A wurin tauraro mai tabo da aka gina da kyau, kirkin da muguntar daga rijiya ɗaya ake ɗebo su. Dubi Okonkwo. Mahaifinsa Unoka malalaci ne, mai busa sarewa, mai cin bashi, ya mutu bai riƙe sarauta ko ɗaya ba. Okonkwo ya tashi da tsoron kada a ce ya gado shi. Wannan tsoron ne ya sa ya kayar da gwanin kokawa Amalinze yana ɗan shekara 18, shi ya kai shi wurin attajiri Nwakibie neman irin doya har aka ba shi 800, shi ya sa ya cika rumbunansa da guminsa. Kuma wannan tsoron dai, ba wani ba, shi ya sa yake dukan matansa, yake hantarar ɗansa Nwoye, yake ɗaukar tausayi a matsayin rauni.

To ka ga ba za ka iya cire muguntar ka bar ƙwazon ba. Idan ka cire tsoron, duka biyun sun tafi. Da zarar yaro ya gano wannan tushen guda ɗaya, ya gane littafin. Tambayar da nake ba ɗalibaina ita ce: "Me wannan mutumin ya fi tsoro, ko me ya fi so, kuma ina ka ga abin ya amfane shi, ina ka ga ya cuce shi?"

Ta ina zan fara idan ya zo mini da littafin?

Kada ka fara da hukunci. Idan ya ce, "Baba, Okonkwo mutumin kirki ne?" ka ce masa eh ko a'a, ka rufe ƙofa ke nan. Ka ce ya nuna maka wurin da ya sa shi tambayar. Kusan kullum akwai shafi ɗaya da ya tsaya masa a rai.

Daga nan ku bi tambayoyi uku, ɗaya bayan ɗaya, ba tare da an cuɗa su ba. Ta farko, me mutumin ya yi? A faɗe shi tsirara, babu ado babu uzuri. Ta biyu, me ya sa ya yi, kuma wace hanya ce take buɗe a gabansa bai bi ba? Ta uku, me marubucin ya yi don mu ji abin da muke ji? Rikicewar yara yawanci daga haɗa ta farko da ta biyu take zuwa. Da zarar sun gane dalili sai su ɗauka laifin ya goge, ko kuma idan laifin ya yi musu girma sai su ƙi sauraron dalilin sam.

Za a iya nuna mini yadda ake yin wannan da fage guda ɗaya?

Mu ɗauki babi na 7, kisan Ikemefuna, domin nan ne littafin ya fi ƙuna.

Ga yadda abin yake. Mutanen Mbaino sun kashe wata mata 'yar Umuofia, garin su Okonkwo, sai suka ba da yaro da budurwa a matsayin diyya don kauce wa yaƙi. Yaron shi ne Ikemefuna, aka damƙa wa Okonkwo riƙonsa. Ya yi shekara 3 a gidan, ya shaƙu da Nwoye kamar wa da ƙane, yana kiran Okonkwo uba. Okonkwo ma yana son sa, sai dai ba ya nunawa. Ran nan dodon tsafin garin ya yanke cewa a kashe yaron. Dattijo Ezeudu ya zo takanas ya ja Okonkwo gefe ya gargaɗe shi kada ya sa hannu, tunda yaron uba yake kiransa. Aka ce wa yaron gida za a mai da shi. Suka shiga daji, yana ɗauke da tulun bammi a ka, yana tunanin mahaifiyarsa da ƙanwarsa. Okonkwo ya koma baya cikin ayarin. Wani ya zare adda ya sara, tulun ya faɗi ya fashe, yaron ya ruga wurin Okonkwo yana kiransa uba yana neman ceto. Okonkwo ya zare tasa addar ya ƙarasa shi.

Tambaya ta farko: me ya yi? Ya kashe yaron da ya gudo wurinsa neman tsira. Ka bar yaronka ya faɗi wannan da bakinsa, kada ka tausasa masa. Aikin nan babu duhu a cikinsa, mummuna ne.

Tambaya ta biyu ita ce mai daɗin zama a kai. Yawancin ɗalibai za su ce, "Ai dole aka yi masa, al'adarsu ce." Sai ka mai da shi ga shafin. Dodon ya ce a kashe yaron, gaskiya ne, kuma Okonkwo ba shi da ikon hana hakan. Amma wa ya ce lallai shi zai yi? Babu. Hasali ma dattijon da ya fi kowa shekaru a yankinsu cewa ya yi kada ya sa hannu. Marubucin da kansa ya gaya mana dalilin a taƙaice: tsoro ne ya ruɗe shi, tsoron kada a ɗauke shi rago. A babi na 8 kuma amininsa Obierika, wanda ya ƙi bin ayarin, ya nuna masa cewa akwai hanya ta uku, wato mutum ya ƙyale hukuncin ba tare da ya yi jayayya ba, kuma ba tare da ya zama shi ne mai zartarwa ba. Saboda haka mutuwar yaron ba zaɓin Okonkwo ba ce, amma saran zaɓinsa ne. Wannan ɗan siririn bambancin shi ne abin da nake so ɗalibi ya fita da shi daga babin.

Yanzu sai ka juya masa ɗaya fuskar, kada ya tsaya a "mugu ne kawai". Me ya sa Okonkwo ya koma bayan ayari? Me ya sa ya kau da kai lokacin da aka ɗaga addar farko? Me ya sa ya yi kwana 2 bai ci abinci ba, sai shan bammi, barci ya gagare shi? Mutumin da ya kashe maza 5 a yaƙi, ga shi yana rawar jiki saboda yaro ɗaya, yana zagin kansa wai ya zama mace. Wanda ba shi da zuciya ba ya haka. Yana da ita, sai dai ya ɗauke ta abokiyar gaba.

Tambaya ta uku: me marubucin ya yi mana? Ka lura, a kan hanyar dajin ya fitar da mu daga kan Okonkwo ya shigar da mu cikin tunanin yaron, har muna jin waƙar ƙuruciyar da yake rerawa a zuci yana gwada ko mahaifiyarsa tana raye. Ya yi haka ne don saran ya same mu mu ma. Bayan nan kuma sai ya mai da mu ɗakin Okonkwo mu zauna da shi cikin azabarsa. Wato da gangan aka hana mu tsayawa gefe ɗaya. Idan yaro ya ce, "Na ji haushinsa kuma na ji tausayinsa, ban san wanne ne daidai ba," ka gaya masa ya karanta daidai. Abin da aka shirya masa ke nan.

Ina tsoron idan na bayyana masa dalilan mai laifi, zai ɗauka ina wanke shi. Ba haɗari ba ne?

Wannan damuwa ce ta gaskiya, ba na raina ta. Amma fahimta daban, yafiya daban, kuma matashi yana iya riƙe bambancin idan an nuna masa shi da kalmomi. Akwai kalmomi biyu da nake sa ɗalibai su kula da su: "saboda" da "don haka". "Ya kashe yaron saboda yana tsoron a ce masa rago" bayani ne. "Yana tsoron a ce masa rago, don haka ba laifinsa ba ne" wankewa ce. Jimla ta farko littafin ya goyi bayanta. Ta biyu littafin ya ƙaryata ta da bakin Obierika. Duk lokacin da ka ji yaro ya zame daga ta farko zuwa ta biyu, ka tsai da shi ka tambaye shi wane shafi ne ya ba shi wannan "don haka" ɗin.

Ni a ganina ma haɗarin ya fi yawa a ɗaya ɓangaren. Yaron da aka koya wa cewa mugunta aikin wasu halittu ne daban, masu jajayen idanu, ba zai gane ta ba ranar da ta zo masa da rigar jarumtaka. Shekarun da yake ciki su ne shekarun "kada a ce na ji tsoro" da "kada abokai su raina ni". Bai taɓa riƙe adda ba, amma tsoron da ya tura Okonkwo ya san shi sarai. Ba sai ka yi masa wa'azi a kai ba. Tambaya ɗaya ta isa: "Ka taɓa ganin wanda ya yi abin da bai so ba don kada a raina shi?" Ka yi shiru ka saurara.

'Yata ta ce ita tana son tauraron, har tana kāre shi. In damu?

Ki tambaye ta me take so a tare da shi. Idan ta ce ƙwazonsa, ko yadda ya tashi daga babu, ko yadda ya bi sawun matarsa Ekwefi cikin dare har bakin kogo lokacin da bokanya Chielo ta ɗauki 'yarsu Ezinma, to abin so ne kuwa, marubucin ne ya ajiye su don a so shi. Babu abin damuwa.

Inda za ki ƙara sa ido shi ne idan ta fara share waɗanda aka cuta, kamar ta ce Ojiugo, ƙaramar matar Okonkwo, ita ta jawo wa kanta duka tunda ta tafi kitso ba ta dawo ta yi girki a kan lokaci ba. A nan ma ba faɗa za ki yi ba. Ki ce ta ba ki labarin wannan yinin daga bakin Ojiugo, ko labarin daren kisan daga bakin Nwoye. Sauya mai ba da labari yana gyara karatu fiye da gardama. Ki kuma tuna mata cewa mutanen garin da kansu sun ci Okonkwo tara a babi na 4, akuya da kaza da ƙyalle da wuri 100. Sai dai, kuma wannan abin tattaunawa ne mai kyau, tarar ta keta Makon Zaman Lafiya ce, makon da aka haramta faɗa a cikinsa, ba ta dukan Ojiugo kansa ba.

Nawa ɗan kuma akasin haka ne. Ya ce mutumin azzalumi ne, bai ga dalilin da za a sa su karanta labarinsa ba.

Kada ka yi ƙoƙarin sa shi ya so tauraron. Ba a tilasta wa mai karatu so, kuma ƙyamar da ya ji alama ce ta lafiyayyar zuciya. Ka ce masa, "Na ji, azzalumi ne. To me ya sa marubucin bai bar mu mu tsane shi cikin sauƙi ba?" Ka sa shi ya nemo wurare biyu da hukuncinsa ya ɗan yi rawa. Idan ya ce babu, ka kai shi babi na 9, inda Ezinma ta kwanta zazzaɓi Okonkwo ya tashi ya ɗauki adda ya shiga daji neman ganye da saiwa ya haɗa mata magani da hannunsa. Yana iya ci gaba da cewa azzalumi ne bayan haka, hakkinsa ne, amma yanzu zai faɗa yana sane da abin da ke ɗaya hannun.

Malaminsu ya ce Okonkwo gwarzo ne da ƙaddara ta kayar, ni kuma na ga an kira shi tauraro mai tabo. Wanne ne daidai?

Duka biyun suna da madafa, kuma gara ɗalibi ya san haka. Tun zamanin Aristotle, masanin Girka na dā, ake maganar babban mutum mai daraja wanda wani kuskure nasa ya kai shi ƙasa, har masu kallo su ji tsoro da tausayi. Okonkwo ya shiga wannan ma'aunin sosai: yana da suna, yana da sarautu, ya faɗi daga sama. Shi ya sa malamai da yawa suka fi kiransa da wannan sunan, kuma idan tambayar jarrabawa ta zo da shi, ɗalibi ya amsa da shi. Sunan tauraro mai tabo kuwa yana duban abin da mutum ya rasa ne na halin jarumi. Okonkwo bai rasa ƙarfi ko ƙwazo ba, tausayi da haƙuri ya rasa, kuma jarumtar tasa ma a kan tsoro aka gina ta.

Sunan ba shi ne abin faɗa ba. Mai duba takarda ya fi kula da ko ɗalibi ya faɗi abin da yake nufi da kalmar, sannan ya kawo hujja daga littafin.

Yaya za mu yi da maganar "zamaninsu ne" ko "al'adarsu ce"? Da ma'aunin wa za a auna shi?

Akwai ramuka biyu a nan. Na farko, a auna mutumin da ma'aunin yau kaɗai a ce duk mutanen littafin jahilai ne. Na biyu, a ce tunda al'adarsu ce ba mu da bakin magana. Dukansu hanyoyin gudun tunani ne.

Mafita tana cikin littafin. Ka sa yaro ya nemo yadda mutanen da ke zaune tare da tauraron suke kallonsa, domin su ne ma'aunin da marubucin ya ajiye mana. Ezeudu ya gargaɗe shi. Obierika ya zarge shi. Limamin tsafin ƙasa, Ezeani, ya ci shi tara. Kawunsa Uchendu ya yi masa faɗa a Mbanta, inda ya yi zaman hijira, saboda yadda ya bar baƙin ciki ya danne shi a garin mahaifiyarsa. Duk waɗannan 'yan zamaninsa ne, 'yan al'adarsa. Ashe ko a cikin nasa mutanen Okonkwo ya wuce gona da iri.

Kuma abin bai tsaya a kansa ba. A babi na 13 bindigarsa ta fashe a wurin jana'izar Ezeudu, ɓaraguzanta suka kashe ɗan mamacin mai shekara 16. Kuskure ne tsantsa, amma aka kore shi daga gari shekara 7, aka rushe gidansa. Ka sa yaro ya ajiye wannan kusa da babi na 7. Kisan da ya yi da niyya, gari bai hukunta shi ba. Wanda bai yi niyya ba, shi ya jawo masa hijira. Obierika, mutumin da muke ɗauka muryar hankali, yana cikin waɗanda suka rushe gidan, sannan ya koma ya zauna yana tambayar kansa dalili, yana tuna tagwayensa da ya jefar a daji bisa dokar gari. Ɗalibin da ya lura da wannan ya gane cewa duhun ba a zuciyar mutum ɗaya kaɗai yake ba, har da dokar da yake rayuwa a ƙarƙashinta.

Idan ya matsa mini ya ce, "To ke Mama, mene ne ra'ayinki?"

Ki faɗa masa, amma bayan ya faɗi nasa, kuma ki faɗe shi a matsayin ra'ayi mai dalili wanda ake iya ja da shi. Ƙin faɗa gaba ɗaya yakan sa yaro ya zaci manya ba su da matsaya, ko kuma duk amsa daidai ce. Ba duk amsa ce daidai ba. Wanda ya ce Okonkwo bai damu da Ikemefuna ba ya yi kuskure, littafin ya ƙaryata shi. Wanda ya ce ba shi da zaɓi, shi ma haka. Tsakanin waɗannan iyakoki biyu ne ake da filin saɓani.

Nawa ra'ayin, tunda ana yawan tambayata: ina ganin alhakin saran yana wuyansa ɗungurungum, kuma duk da haka shi ne mutumin da na fi jin tausayi a littafin bayan Ikemefuna da Nwoye. Na sha samun ɗaliban da suka ƙi yarda da ni, wasunsu da hujjar da ta sa na sake buɗe babin.

Yaya zai rubuta wannan a jarrabawa ba tare da ya zama mai baki biyu ba?

Ya ɗauki matsaya a jimlar farko, matsayar da ta ƙunshi sarƙaƙiyar a cikinta. Kwatanta waɗannan biyun. Ɗalibi na farko ya rubuta: "Okonkwo yana da halaye masu kyau da marasa kyau." Na biyu ya rubuta: "Tsoron kada ya zama kamar mahaifinsa shi ya ɗaukaka Okonkwo, kuma shi ya sa ya kashe yaron da yake so." Na farko ba wanda zai musa masa, don haka ba shi da abin da zai kāre. Na biyu ya ɗauko wa kansa aiki, dole ya kawo hujja, kuma hujjar ita ce makin.

Bayan haka kowane sakin layi ya ɗauki fage ɗaya: abin da ya faru a jimla ɗaya ko biyu, abin da ya nuna game da mutumin, sannan dabarar da marubucin ya yi amfani da ita. Fage uku da aka tona sun fi goma da aka ambata a guje. Ya kuma ware sakin layi guda ga hujjar da ta fi ƙarfi a kan matsayarsa, ya amsa ta. Alamar da za ka gane ya kauce ita ce idan ka ga "sannan", "daga nan", "bayan haka" sun cika takardar. Ya koma ba da labari ke nan, alhali mai dubawa ya riga ya san labarin.

Ƙarshen littafin yana da nauyi. Yaya zan tattauna shi da ɗan shekara 15?

Kai tsaye, cikin natsuwa, kuma gara ka riga shi karanta babi na 24 da na 25. Okonkwo ya sare masinjan kotun Turawa a gaban taron gari, ya ga jama'a sun bar sauran masinjojin sun tsere, ya gane Umuofia ba za ta yi yaƙi ba. Da Baturen mulki ya zo kama shi, sai aka tarar ya rataye kansa. A al'adarsu wannan abin ƙyama ne, har mutanensa ba za su taɓa gawarsa ba, sai baƙi.

Abin da nake kiyayewa shi ne kada yaro ya ɗauki wannan a matsayin jarumtaka ko mafita. Littafin bai nuna shi haka ba. Mutumin da ya ƙare rayuwarsa yana gudun ƙarshe irin na mahaifinsa, wanda aka kai mugun daji ya mutu ba a yi masa jana'iza ba, shi ma ya ƙare ba tare da jana'izar girma ba. Ka bar yaro ya gano wannan kamannin da kansa idan zai iya. Idan kuma ka lura maganar ta taɓa shi fiye da yadda labari ke taɓa mutum, ko ya fara danganta ta da kansa, ka ajiye littafin ka tambaye shi lafiyarsa, ka nemi taimakon likita ko mai ba da shawara idan da buƙata.

Sai sakin layi na ƙarshe, wanda ɗalibai kan wuce da sauri don sun ga an kusa gamawa. Baturen yana tafiya yana tunanin littafin da yake rubutawa, yana ganin labarin wannan mutumin zai iya cin babi guda, sannan ya rage ya ce wataƙila sakin layi ɗaya mai ɗan tsawo ya isa. Ka sa yaron ya ƙidaya babin da ya karanta game da Okonkwo, 25 ne, sannan ka tambaye shi me da me zai zube idan aka matse su cikin sakin layi ɗaya, kuma Ikemefuna zai samu shiga ko ba zai samu ba.